Darasi Na Bakwai: Yadda Ake Zaɓar Resistar Zena

To jama'a, yau batir ɗin sola za mu ɗauka, irin wanda mutanenmu a Nima da Mamobi suke ajiyewa saboda dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki. A jikinsa an rubuta 12V, amma ku ɗora mita ku gani, da rana yana shan caji sai ya hau 14.5V, da asuba ya gaji sai ya sauko 11V. Mu kuma muna da ɗan ƙaramin bod mai son bolt biyar, wani lokaci ya ja 30mA, wani lokaci a kashe shi bai ja komai ba. Wato wuta tana hawa tana sauka, lodi ma haka, abin da bod ɗin yake ja ke nan. Shi ya sa muke son zena, ƴar diyod ɗin da ke riƙe bolt a wuri ɗaya, tare da resistar da ta dace da ita.

Zenar da za ku nema a shagunan kayan lantarki na Zango Len ita ce 1N4733A, ta 5.1V ce, wat ɗaya. Wuta ta fito daga batir, ta bi ta resista, sannan ta rabu biyu, lodi ya ɗauki nasa, zena ta shanye ragowar, kamar bututun da ke zubar da rarar ruwa in tanki ya cika. Sai dai zena ba ta riƙe 5.1V sai ita ma tana samun nata, don haka kullum a bar mata kamar 5mA. Gefen da ke da zobe a jikinta shi ke kallon fulos.

Yanzu ga wurin da kowa ke faɗuwa, ku natsu. Ana lissafin resista ne da wuta MAFI ƘANƘANTA da lodi MAFI YAWA. Ba 12 na jikin batir ba, ba 14.5 ba, 11. Dalili kuwa, lokacin da batir ya gaji kuma lodi yake jan iya ƙarfinsa, nan ne wuta take ƙarancin wucewa, in resista ta ishe ku a nan to ta ishe ku a sauran lokuta.

```
R = (Vin_min - Vz) / (IL_max + Iz_min)
R = (11 - 5.1) / (0.030 + 0.005)
```

A hankali. 11 a cire 5.1 saura 5.9. Lodi 30mA, na zena 5mA, sun zama 35mA. Kada ku danna 35 a kalkuleta, ku raba shi da dubu tukuna, ya zama 0.035. To 5.9 a raba da 0.035, kusan om 169. Wanda ya samu haka, madalla. Wanda bai samu ba kada ya ji kunya, ya duba lambar farko da ya danna, 11 ce? Wuta mafi ƙanƙanta, lodi mafi yawa. A sake.

Da wuya ku samu resista mai 169 a kasuwa, akwai 150 akwai 180, kuma ƙasa ake sauka, a ɗauki 150. Launinta ruwan ƙasa, kore, ruwan ƙasa. In mai shago ya ce ba shi da ita ga 220 duk ɗaya ne, ku ce masa a'a maigida. Da 220, in batir ya sauko 11V abin da zai wuce bai kai 27mA ba, lodi kuma 30 yake so, zena ba ta samu komai ba, bolt ya faɗi ƙasa da 5.1. Alamarsa ita ce abu ya yi aiki lafiya da rana, dare ya yi ya fara ɗaukewa. Wanda ya yi lissafi da 14.5 zai samu kusan 270, wannan ma ya fi muni. Haba malamai, na faɗa na sake faɗa, amma in na zaga ina duba littattafanku sai in tarar da 12 ko 14.5 a layin farko. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, gaggawa ce, kuma gaggawa ba ta gyaran lantarki. Ku rubuta a saman shafi da babban baƙi: ƙaramar wuta, babban lodi.

Saura zafi, shi kuma juyawa ake, wuta mafi yawa kuma an cire lodi. 14.5 a cire 5.1 saura 9.4, a raba da 150, kusan 63mA, duka zena ce za ta shanye. 5.1 sau 0.063 ya ba da wat 0.32, tamu ta wat ɗaya ce, ta ɗauka. Resista kuma 9.4 sau 0.063, kusan wat 0.6. Ƴar ƙaramar nan ta kwatan wat za ta yi baƙi ta fara wari, ku sayi ta wat biyu, in ba ku samu ba ku sayi ta wat ɗaya.

In kun haɗa ku auna. Mita ta nuna kusan 5.1, daidai ne. Ta nuna kamar 0.7, kun juya zena.

Aikin gida: wuta daga 9V zuwa 12V, lodi har 20mA, zena kuma ita ce dai tamu ta 5.1V. Ku nemo resista, ku duba zafinta.