Darasi na Tara: Rubuta Sanarwar Rasuwar Abokin Aiki

A ce kai ne manaja a wata masana'anta a Sharaɗa. Da sassafe aka bugo maka waya cewa direbanku ya rasu, alhali jiya tare kuka tashi daga aiki. Kada ka taɓa biro tukuna. Kira ɗan'uwan mamacin ka ji daga bakinsa, sannan ka tambaye shi abu biyu: ƙarfe nawa za a yi jana'iza, kuma a ina?

Ga yadda sanarwar take. Ku karanta a hankali, wanda ya tsaya a wata kalma ya sake, ba gaggawa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Muna sanar da ma'aikata rasuwar abokin aikinmu Malam Wane, direban motar kaya, wanda Allah ya yi wa rasuwa yau Talata da asuba. Za a yi jana'izarsa yau Talata da ƙarfe 11:00 na safe a ƙofar gidansa da ke Goron Dutse. Motar ma'aikata za ta tashi daga bakin get da ƙarfe 10:00. Allah ya jiƙansa, ya ba iyalansa haƙuri."

A gurbin "Wane" ka sa cikakken suna, da sunan mahaifi, domin ba a rasa masu suna ɗaya a wurin aiki.

Yanzu sa yatsa a kan lokacin jana'iza. Nan ne aka fi tuntuɓe. A Kano ba a jinkirta gawa, wanda ya rasu da asuba sau da yawa kafin azahar an kai shi makwancinsa. Idan ka rubuta "an jima", mutum zai iso ya tarar an dawo daga maƙabarta. Rubuta rana, rubuta ƙarfe, ka ce na safe ne ko na yamma. "Yau" kaɗai ba ta isa ba, saboda wani sai gobe zai ga saƙon a wayarsa. In iyalan sun ce bayan la'asar, rubuta "bayan sallar la'asar" yadda suka faɗa, kada ka ƙirƙiro ƙarfe da kanka.

Wurin ma haka. "A gidansa" bai wadatar ba, ai ba kowa ya san gidan ba. Sa unguwa, sa kwatance. Haba jama'a, kullum sai na tarar da takarda cike da addu'a layi biyar, babu rana babu ƙarfe! Addu'a tana da kyau, amma wa zai iso jana'izar? Koma ka duba taka: akwai rana? Akwai ƙarfe? Akwai unguwa?

Dalilin rasuwa kuwa, bar wa iyalai. Hoton gawa ma kada ka tura.

Aiki: kwafi sanarwar a littafinka, ka mayar da ita ta mace mai aikin shara a ofis. Lura da "wadda" da "jiƙanta", ka ja layi a ƙarƙashin rana da ƙarfe.