Kafin ku ɗauki bidiyon neman taimako a Ingila

A watan jiya wasu 'yan'uwa da ba su shekara da zuwa ba suka turo mini bidiyon neman gudummawar Islamiyyarsu. Minti bakwai ne, uku na farko duk gaisuwa ce ga iyayen ƙasa da malamai. Abin da muka yi ke nan shekarun baya, kuma mun ji a jikinmu.

Mutanenmu a nan akwai hannun kyauta. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana a asibiti, da direban da ya wuni a kan titi, ba sa ƙin abin Allah. Amma a tashar bas za su buɗe bidiyonku, sau da yawa ba tare da sauti ba. Don haka kada ya wuce minti biyu, wato kalmomi kamar 250. Ku rubuta su a takarda, mutum ɗaya ya karanta ana duba agogo, a kuma sa rubutu a ƙasan hoton da Hausa da Turanci.

Bayan sallama, daƙiƙa 15 na farko na matsalar ne, kuma a nuna ta a gani. A bidiyonmu na biyu mun fara da takalman yara jibge a ƙofar falon wani bawan Allah, murya tana cewa: "Yara 40 ke karatu a falon nan kowace Asabar, wasu a zaune a kan matakala." Fuskar yaro kuwa kada ta fito sai da izinin iyayensa a rubuce. Sai daƙiƙa 20 na gabatar da kai: sunan ƙungiya, garin da kuke, shekarunku a aikin. Sai kamar 25 na abin da za a yi da wurin da za a yi shi.

A nan muka yi kuskure a bidiyonmu na farko. Wani mai gida ya yi mana alkawarin zaure da baki, muka tsaya a gabansa muka ɗauki bidiyo muna cewa ga makarantarmu. Kuɗi suka fara shigowa, har fam 4,000. Mako uku bayan nan ya ba wani haya, domin ba mu da ko takarda ɗaya da sa hannunsa. A gida maganar dattijo ta isa, a nan kuwa sai an sa hannu a yarjejeniyar haya. Abin da ya fi ciwo shi ne mun ce kuɗin na wannan zauren ne kaɗai, kuma a dokar ƙungiyoyin agaji kuɗin da aka tara don wani abu ba a karkatar da shi yadda aka ga dama. Haka na riƙa kiran masu bayarwa ɗaya bayan ɗaya ina neman yardarsu. Wata Hajiya ta ce, "Malam, na yarda, amma ku daina gaggawa." Har yau ina jin muryarta. Da mun sa jimla ɗaya, da ta raba mu da wannan wahala: "Idan wannan wuri bai samu ba, ko kuɗi ya yi rara, za a kashe shi a kan wani wurin karatu na wannan makaranta." Ku sa ta a bidiyon, ku sa ta a shafin tara kuɗin.

Daƙiƙa 30 na gaba na lissafi ne, a faɗe shi ƙarara: haya fam 750 a wata, fam 9,000 a shekara, iyaye sun haɗa 3,000, saura 6,000. A nan za ku nuna takardar haya da sunan asusun ƙungiya. Don Allah kada ku sa asusun mutum ɗaya. Ma'ajinmu ya yi hakan, banki ya ga kuɗi na ta shigowa daga mutane barkatai, ya tsayar da asusun, har albashinsa ya maƙale. A Ingila da Wales, ƙungiyar agaji da kuɗin shigarta ya haura fam 5,000 a shekara wajibi ne ta yi rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, wato Charity Commission. Idan hukumar haraji ta HMRC ta amince da ku, tsarin Gift Aid yana ƙara kwata a kan abin da mai biyan haraji ya bayar, fam 20 ya zama 25. Idan ba ku kai nan ba, kada ku ambace shi.

Daƙiƙa 30 na ƙarshe roƙo ne da addu'a. "Ku taimaka da abin da ya sawwaƙa" ba ta motsa kowa. Ku ce: "Muna neman mutum 120, kowa fam 50, kafin ƙarshen Sha'aban." Adireshin biyan kuɗin ya tsaya a allo daƙiƙa goma, har dattijon da ke neman tabarau ya samu ya kwafa.