Yadda za ka ƙi halartar taro ba tare da ka ɓata wa kowa rai ba

Da farko karanta ajandar. Idan ra'ayinka kawai ake nema a kan batu ɗaya, misali daftarin kasafin kuɗi, rubutu zai wadatar. Amma in a zaman za a yanke hukuncin da ya shafi aikinka, ka daure ka je.

Sai ka ba da amsa da wuri, tun mai taron yana da damar sake shiri. Kada ka danna Decline, wato maɓallin ƙin amsa gayyata, kawai ka yi shiru, yakan zama kamar raini.

Fara da godiya, ka faɗi dalili a taƙaice, sannan ka kawo mafita mai lokaci. Ga misali:

"Ranka ya daɗe, na gode da gayyatar. Ba zan samu halarta ba saboda rahoton da zan miƙa ranar. In ba damuwa, a turo mini daftarin, zan rubuta gyare-gyarena a shafi ɗaya in aiko kafin azahar ranar Talata."

Lokacin nan da ka yanka shi ne ƙashin bayan saƙon, don haka ka sa shi ya riga taron, yadda za a karanta ra'ayinka kafin a zauna.

Bayan an tashi, nemi bayanin abin da aka tsayar.