Darasi na Bakwai: Karanta Hujjar Lissafi Layi-Layi

Wata mai ƙosai tana zuba kuɗi a asusu: ranar farko naira 100, rana ta biyu 200, kullum tana ƙara ɗari har kwana 30. Nawa za ta tarar in ta fasa? Ku buɗe hoton takardar da aka turo muku a waya. Layi biyar ne, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. J na nufin jimla, n kuwa yawan kwanaki.

```
J = 1 + 2 + ... + n
J = n + (n-1) + ... + 1
```

Layin farko suna kawai ya raɗa wa abin da muke nema. Na biyu lambobin nan ne dai, an jero su daga ƙarshe zuwa farko. Me ya halatta haka? Ko ta ina ka fara ƙirga kuɗin da ke tafin hannunka, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa.

```
2J = (n+1) + (n+1) + ... + (n+1)
```

Nan ne yawancin ɗalibai ke tsayawa, don haka mu ɗan zauna. An tara layukan biyu ne, kowace lamba da wadda ke ƙasanta. Ku gwada da kwana 4: rubuta 1, 2, 3, 4 a sama, 4, 3, 2, 1 a ƙasa. Kowane biyu sun ba da 5. Dalili shi ne, duk taku ɗaya da ka matsa dama, ta sama ta ƙaru da ɗaya, ta ƙasa ta ragu da ɗaya, sai ragin ya cinye ƙarin. A hagu kuma J ta haɗu da J, ta zama 2J.

```
2J = n × (n+1)
J = n × (n+1) ÷ 2
```

Sau nawa (n+1) ta fito? Sau n, tunda lambobi n ne a jere. An raba biyu a ƙarshe domin sau biyu muka tara kuɗin.

Ga mai ƙosai: 30 × 31 = 930, rabinsa 465. Kowane ɗaya ɗari ne, kenan naira 46,500. Wanda ya samu 93,000 ya manta rabawa. Gane shi ba wuya: ko da 3,000 take zubawa kullum tun ranar farko, ai 90,000 za ta tara.

A kula, wannan amsa ta jerin da ya fara daga 1 ce, yana hawa ɗaya-ɗaya. In ta tsallake kwana guda, layi na uku ya rushe.

Aikin gida: ku lissafa na kwana 20, a gefen kowane layi ku rubuta dalilinsa da kalmominku.