Yadda ake zaɓar taya ga motar iyali mai bin hanyar burji da ramuka

Duk wanda ke ɗaukar iyali daga Daura zuwa ƙauyukan Baure ko Zango ya san cewa ba cinyewar zane ke fara kashe taya ba, gefenta ne ke kumbura ko ya tsage idan ta daki bakin rami. Saboda haka daga gefen ake fara dubawa.

Da farko, karanta lambar da ke jikin tayar. Idan an rubuta 195/65R15, faɗinta milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, rim ɗin kuma inci 15. Mu ɗauki misalin Corolla da ta zo da 205/55R16. Gefen wannan bai wuce milimita 113 ba, na 195/65R15 kuwa ya kai 127, alhali girman da'irarsu kusan ɗaya ne, don haka mitar gudu ba za ta rikice ba. Wannan ƙarin milimita 14 shi ke shanye duka kafin ya isa rim, shi ne kuma ke rage wa na kujerar baya jijjiga a kan gargada, wato ƙarko da jin daɗi sun haɗu a wuri guda. Sai dai kafin ka sauya rim daga inci 16 zuwa 15, ka sa bakanike ya tabbatar ƙaramin ba zai goga birki ba.

Bayan haka, duba lambar nauyi da ke biye. Lamba 91 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 615, mai 95 da alamar XL, wato mai ƙarin ƙarfin ɗaukar kaya, kuwa 690, kuma ita ta fi dacewa da motar da ake ɗora wa buhun gero bayan mutum biyar. Ban ba da shawarar tayar bas mai alamar C ba, domin ko da yake tana da ƙwari, taurinta zai galabaitar da fasinja da shakazoba.

Na uku, duba shekarunta. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar su ne ranar haihuwarta: 1824 na nufin mako na 18 a 2024. A nan 'yar Kwatano ke yaudara, zane fes amma roba ta tsufa, wata ma mai hoton ƙanƙara ce da aka ƙera don sanyin Turai, ba zafin Afrilu na Katsina ba.

Sai iska. Masu faci da yawa kan cika ta har ta yi tauri kamar dutse, wai don kada ƙaya ta huda ta, amma hakan na ƙara jijjiga, ya kuma cinye tsakiyar zane. Ƙarancin iska ya fi muni, domin rami zai matse gefen a kan rim. Bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, a auna da safe kafin taya ta ɗauki zafi. Idan ka shafa gefen ka ji kumburi kamar ƙwai, zaren ciki ya tsinke, faci ba ya gyara shi, sai dai a sauke ta a ɗora safaya.