Yadda ake gane irin kaza a hoto: zanko, ƙafa, sannan gashi

Mafi yawan waɗanda aka nuna wa hoton kaza aka ce su faɗi irinta, launi suke fara dubawa, kuma a nan kuskure yake shigowa. Ja, fari, baƙi da wake-wake duk ana samunsu a ire-iren kaji da yawa waɗanda ba su haɗa komai ba, sannan iri guda yana iya zuwa da launi biyar ko fiye. Abin da ba ya saurin yaudara shi ne siffar zanko da yanayin ƙafa. Don haka tsarin da ya fi aiki shi ne a fara da kai, a sauka ƙafa, sai a ƙarshe a dawo kan gashi. Kowane mataki aikinsa ya fitar da wasu ire-iren daga lissafi har a rage biyu ko ɗaya.

Mataki na farko: tantance hoton da kazar da ke ciki

Hoton da ya dace shi ne wanda aka ɗauka daga gefe, kazar tana tsaye, ana ganin kanta da ƙafafunta biyu har yatsu. Idan ciyawa ta rufe ƙafa, ko an ɗauko ta daga sama, rabin shaidarka ya tafi. Hasken yamma yana sa farin gashi da farar ƙafa su yi ɗorawa, inuwa kuma tana mayar da ja mai duhu kamar baƙi. Nemi wani farin abu a cikin hoton, bango ko mazubin ruwa. Idan shi ma ya yi ɗorawa, haske ne, ba kazar ba.

Sannan ka raba zakara da kaza, babba da ƙarami. Gashin wuyan zakara da na bayansa dab da jela dogaye ne masu tsini da sheƙi, na mace kuwa bakinsu a zagaye yake. Wannan bambanci ba ya fitowa sosai sai tsuntsu ya kai mako 12 zuwa 16. Ƙasa da haka zanko bai gama girma ba, gashi ma na ƙuruciya ne, duk abin da ka faɗa hasashe ne.

Mataki na biyu: zanko

Zanko shi ne jan naman nan da ke saman kai. Ka ƙara girman hoton ka duba shi da kyau, domin shi kaɗai yakan raba gardama.

Wanda aka fi gani shi ne zanko ɗaya, siriri, a tsaye, mai haƙora kamar zarto, galibi biyar. Shi ne a kan Leghorn, Rhode Island Red, Plymouth Rock, Sussex, Australorp da Orpington, da kusan duk kajin ƙwai na gidan gona. Tun da na kowa ne, ganinsa bai gaya maka komai da yawa ba, sai dai girmansa. Idan ka ga mace siririya, zankonta ya yi girma har ya kwanta gefe guda, fatar kunnenta kuma fara fat, to ka tunkari Leghorn. Fatar kunnen nan, wadda take ƙasan ido ta baya, ja ce a sauran da na lissafa.

Na biyu shi ne zanko shimfiɗaɗɗe: mai faɗi, kwance a kan kai, samansa da ƙananan ƙuraje, bayansa ya ƙare da tsini guda. Wannan na Wyandotte ne da Dominique da Sebright. Na uku gajere ne, ba ya tashi sama, kuma idan ka kalle shi ta gaba za ka ga layi uku jere, na tsakiya ya ɗan fi tsawo. Shi ne a kan Brahma da Cornish. Daga gefe zanko shimfiɗaɗɗe da mai layi uku suna kama da juna, shi ya sa hoto na biyu ta fuska yake da amfani. Akwai kuma dunƙulallen zanko mai duhu kamar shunayya a goshin Silkie, da mai ƙaho biyu ƙanana wanda tukkun gashi yakan ɓoye a kan Polish.

Wani abin lura: zankon macen da take cikin yin ƙwai ja ne, cikakke, mai taushi. Idan ta daina, ko tana kwanci, ko tana zubar da gashi, sai ya yamushe ya koɗe. Girma da launi suna canzawa ke nan, amma siffa ba ta canzawa, don haka siffar za ka riƙe.

Mataki na uku: ƙafa

Tambayoyi uku ake yi wa ƙafa. Shin akwai gashi a ƙwauri? Wane launi ne? Yatsu nawa ne?

Gashi a ƙwauri babbar shaida ce, domin kaji kaɗan ne suke da shi: Brahma, Cochin, Silkie da Faverolles su ne aka fi haɗuwa da su. Brahma da Cochin duk manya ne masu ɗorawar ƙafa, amma zankon Cochin ɗaya ne mai haƙora, jikinta kuma a dunƙule yake, gashi ya rufe ta har kusan ƙasa, yayin da Brahma take da tsawo da ɗan gajeren zanko mai layi uku. A kula da laka: gashin ƙafar da ya jiƙe ya manne yana iya zama kamar datti kawai. Duba gefen waje na ƙwauri da ɗan yatsan waje, nan yake fitowa.

Launi kuwa kashi uku ne a aikace. Ɗorawa ita ce ta Leghorn, Rhode Island Red, Plymouth Rock da Wyandotte. Fara mai ɗan ja-ja ita ce ta Sussex da jar Orpington mai launin ƙasa-ƙasa. Baƙa ko toka mai duhu ita ce ta Australorp da baƙar Jersey Giant. Waɗannan biyun na ƙarshe suna wahalar da ko gwanaye, duka baƙaƙe ne masu sheƙin kore da zanko ɗaya. Tafin ƙafa ne yake raba su: na Australorp fari ne, na Jersey Giant ɗorawa. Sai ka yi sa'ar hoton da kazar ta ɗaga ƙafa tana tafiya.

Ga inda ake yawan faɗuwa. Ɗorawar ƙafa ba ta dawwama a kan mace mai ƙwai. Sinadarin da ke ba ƙafa launi shi ne wanda yake tafiya cikin kwanduwar ƙwai, saboda haka idan ta fara yi sai launin ya riƙa janyewa: baki yana koɗewa cikin mako 4 zuwa 6, ƙwauri kuma a hankali cikin wata 4 zuwa 6. Tsohuwar kazar ƙwai mai ƙafa fara-fara mai yiwuwa da ɗorawa aka ƙyanƙyashe ta. Idan akwai zakara ko budurwar kaza irinta a hoton, ƙafarsu za ka duba.

Yatsu huɗu ne a ƙa'ida, uku gaba ɗaya baya. Idan ka ƙirga biyar, lissafin ya taƙaita ga Silkie, Dorking, Faverolles, Houdan da Sultan. Kada ka haɗa da ƙahon nan mai tsini da ke bayan ƙwaurin zakara, ba yatsa ba ne, yana can sama kuma ba shi da gaɓa.

Mataki na huɗu: gashi

Yanzu launi ya sami wurinsa. Abin da ake nema shi ne tsarin zanen, da inda kowane launi ya tsaya.

Jar kaza ita ce aka fi kira da sunan da ba nata ba. Rhode Island Red ja ce mai duhu sosai, jelarta baƙa. Jar kazar ƙwai ta gidan gona, irin su ISA Brown, jarta ta fi haske, kuma za ka ga fararen gasu a jela da ƙarƙashin jiki. Farar kaza ma haka: Leghorn siririya ce, macen wajen kilo 2, jelarta a ɗage. Buroila kuwa tana kai wannan nauyi tun tana mako 5 zuwa 6, ƙirjinta faffaɗa, ƙafafunta kaurara a warware, zankonta ƙarami saboda har yanzu yarinya ce, sau da yawa kuma ana hango jar fata inda gashi bai rufe ba. Mai ratsin baƙi da fari a kowane gashi, idan zankonta ɗaya ne Plymouth Rock ce, idan shimfiɗaɗɗe ne Dominique. A wannan launi zakara yakan fi mace haske, kada hakan ya sa ka ɗauka iri biyu ne.

Wuya marar gashi da murɗaɗɗen gashi mai lanƙwasowa gaba, halaye ne da ake gado, suna iya fitowa a kowace irin kaza. Ganinsu kaɗai bai isa a ba ta suna ba.

Mu gwada da hoto guda

A ce ga babbar mace fara, wuyanta da ratsin baƙi, kowane gashi baƙi a tsakiya fari a gefe, jelarta baƙa, bakin fiffikenta ma da ɗan baƙi. Wanda ya fara da launi zai tsaya a nan, domin farar Sussex da farar Brahma duk haka suke, har da wani launi na Wyandotte da na Plymouth Rock. Huɗu ke nan.

Ka hau kai. Zankon siriri ne a tsaye da haƙora: Brahma ta fita, Wyandotte ta fita. Saura Sussex da Plymouth Rock. Ka sauka ƙafa. Babu gashi ko ɗaya, wanda ya ƙara tabbatar da ba Brahma ba ce. Launin fari ne mai ɗan ja-ja, wato na Sussex. Amma kafin ka yanke, tuna koɗewar mai ƙwai: zankonta ja ne cikakke, alamar tana yi, to ko ɗorawa ce ta janye? Ƙafar da ta koɗe takan bar saura ɗorawa a bayan ƙwauri da gwiwa, domin nan ne launin yake barin ƙarshe. Ka ƙara girman wurin. Idan ko'ina fari ne, ga kuma zakara a gefe mai farar ƙafa, Sussex ce.

Idan kuwa shaidu suka ƙi haɗuwa, misali zanko ɗaya, ƙafa ɗorawa da 'yan gasu tsilla-tsilla a ƙwauri, ga jikin bai kai girman Brahma ba, kada ka tilasta mata suna. Wannan gauraye ce, mai yiwuwa da jinin Brahma ko Cochin a wani ɓangare. Yawancin kajin da ke yawo a tsakar gona haka suke, kuma amsar da ta dace ita ce a faɗi abin da aka gani: mace babba, zanko ɗaya, ƙafa ɗorawa mai ɗan gashi, fara mai baƙin wuya. Hoto yana nuna kamanni ne kawai, tabbacin tsantsar iri kuwa sai an san iyaye, ko an ga 'ya'yan da ta ƙyanƙyashe sun fito iri ɗaya.