Kurakuran da aka fi yi wajen nuna wa manajoji zanen tsarin kwamfuta mataki-mataki

Na taɓa shiga taro da zane ɗaya tal, mai akwatuna sama da 40, wanda na kwana biyu ina gyara shi. Ina cikin bayani sai shugabar sashen ta ɗaga hannu ta ce, "Injiniya, ka yi haƙuri, shi kwastoma ta ina yake shigowa a nan?" Na duba sama, na duba ƙasa, ashe ban saka kwastoma a zanen ba. Aka tashi taron ba a amince da abin da na zo nema ba, kuma laifin nawa ne.

Kuskure na farko ke nan: fara da zanen da injiniyoyi suke aiki da shi. Gyaransa shi ne a bi mataki-mataki, kamar yadda ake buɗe taswira a waya, a ga ƙasa, sannan gari, sannan unguwa. Salon zane na C4 da masanin tsara manhaja Simon Brown ya fito da shi ya kasa abin gida 4: tsarin da duk masu hulɗa da shi, manyan sassan da ke cikinsa, ƙananan sassan da ke cikin kowane babban sashe, sai kuma ainihin rubutun manhajar. A gaban manajoji, mataki na 1 da na 2 su ne aikin. Na 3 sai da dalili. Na 4 a bar shi a ofishin injiniyoyi.

A ce kamfani yana karɓar oda ta intanet, kuma kullum da safe oda tana tafiyar hawainiya. Kana so a amince a sayi rumbun bayanai na biyu. Zanen farko akwati ɗaya ne a tsakiya, an rubuta masa "Tsarin oda". A gefensa akwai kwastoma, ma'aikatan sito, sashen lissafi, da kamfanin da ke karɓar biyan kuɗi. Abubuwa 5 ke nan, babu sunan wata fasaha ko ɗaya. Wannan zanen shi ne wanda manaja zai duba ya ce, "E, haka muke aiki." Idan bai faɗi haka ba, kada ka wuce gaba, domin duk abin da za ka ɗora a kai zai rushe.

Kuskure na biyu shi ne ya fi ci mini rai, domin masu yinsa suna zaton sun bi mataki-mataki, alhali zanuka daban-daban kawai suka jera. Mataki na 2 ba sabon zane ba ne. Akwatin nan na tsakiya ne aka buɗe murfinsa. Don haka ka zana babban layi ya kewaye, ka rubuta masa "Tsarin oda" da sunan nan dai, sannan a ciki ka saka shafin intanet, manhajar waya, injin sarrafa oda, da rumbun bayanai. Kwastoma da ma'aikatan sito da sauran su zauna a waje, kowa a inda yake a zanen farko. Idan kwastoma yana hagu ɗazu, ya zauna a hagu. Da zarar ka mayar da shi dama, mai kallo zai ɓata sakan goma yana nemansa, kuma a cikin sakan goman nan bai ji abin da kake faɗa ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko matakan sun haɗu: ƙirga kibiyoyi. Idan kibiya 4 ce ta taɓa akwatin a zanen farko, to kibiya 4 ya kamata ta tsallaka layin kewayen a zane na biyu, ko da wata ta rabu biyu bayan ta shiga. Masu zanen kwararar bayanai sun daɗe da wannan ƙa'idar. In ka ƙirga ka ga 5, to akwai wanda ka manta a zanen farko, wataƙila kamfanin da ke tura wa kwastoma saƙon tes. Ka koma ka saka shi tun daga sama. In ba haka ba, manaja mai lura zai tambaya daga ina wannan ya ɓullo, kuma daga nan ya fara shakkar sauran abin da ka nuna masa.

Haka batun suna. Abin da ka kira "Tsarin oda" a shafi na ɗaya kada ya koma `order-svc` a shafi na biyu. Kai ka san abu ɗaya ne, shi kuwa zai ɗauka biyu ne, har ya tambaya me ya sa ake kashe kuɗi a kan biyu.

Sai kibiya maras rubutu. Layi tsakanin akwati biyu ba ya cewa komai sai "akwai alaƙa". Ka rubuta aikin a kansa da kalmomi kaɗan: "yana aika oda", "yana ɗauko rahoto kowace safiya". Ka gwada karanta shi kamar jimla, daga akwati zuwa kibiya zuwa akwati. In bai karantu ba, ba a gama zanen ba. Launi ma haka: in ja yana nufin wurin matsala, ya zama ma'anarsa ke nan daga farko har ƙarshe, kuma a rubuta hakan a ƙasan zanen.

A misalinmu, kibiyoyin ne ma za su yi maka magana. A zane na 2 kibiya biyu suna sauka a kan rumbun bayanai ɗaya: ta injin oda da ke rubuta sabbin oda, da ta sashen lissafi da ke jan babban rahoto da safe. Ka ja wa rumbun jan layi, ka ce ga inda suke cin karo. Daga nan ka nuna zanen nan dai, ba abin da ya motsa, sai ƙarin akwati ɗaya: rumbu na biyu mai kwafin bayanan, kibiyar rahoto ta koma kansa. Bambanci ɗaya ne tsakanin hotunan biyu, ido zai kama shi nan take. Ka faɗi iyakarsa kuma: kwafin yana iya zama a baya da ɗan lokaci, don haka ya dace da rahoto, bai dace da duba ko kaya sun rage a sito a daidai lokacin sayarwa ba. Sauƙaƙa zane ba izinin ɓoye irin wannan ba ne, kuma gara manaja ya ji daga bakinka yanzu.

Kuskuren da ya rage shi ne buɗe kowane akwati don kawai an riga an zana shi. Hukuncin da ake nema yana kan rumbun bayanai, to me ya kai ka cikin manhajar waya? Na san zafin barin aikin da mutum ya sha wahala a kansa, amma zanukan mataki na 3 su zauna a ƙarshen fayil, da lamba a kan kowanne. In wani ya tambaya yaya injin oda yake magana da kamfanin biyan kuɗi, sai ka buɗe wannan kaɗai, ka fara nuna masa akwatin da ya fito daga ciki a zane na 2, ka amsa, ka dawo inda kuka tsaya.

Kafin ranar taro, ka nemi abokin aiki daga wani sashe, ka ba shi zanen farko ba tare da ka ce uffan ba, ka roƙe shi ya faɗa maka abin da tsarin yake yi. Duk inda ya tsaya yana tunani, ka sa alama da biro, can ne za ka gyara.